Abin da aka tsayar game da ADX

Mun tattauna kan yadda ake amfani da ADX, wani ma'auni da 'yan kasuwa ke dubawa a jadawalin farashi. Abin da yawancinmu suka tsaya a kai shi ne ADX ƙarfin tafiyar farashi kawai yake aunawa, ba ya gaya maka sama za a yi ko ƙasa, wannan aikin +DI da -DI ne, layuka biyu da ke zuwa tare da shi. A bar saitinsa a 14 ɗinsa, wato yawan zangon lokacin da yake lissafi da su. In yana ƙasa da 20 kasuwa na kai-komo ne wuri ɗaya, layukan MA, wato na matsakaicin farashi, za su yi ta tsallake juna suna ba ka siginar ƙarya kana ta asara, gara ka ajiye su. In ya haura 25 yana ƙara hawa, to kayan bin tafiya sun dace. Wani ya ja kunne cewa yana makara sosai, in ka gan shi a 45 ya fara saukowa tafiyar ta fara gajiya ne, kar ka shiga a lokacin.