Yayana ya rantse shi ne ɓarawon, me ya rage kuma?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis 'yan fashi biyu suka tare yayana a hanyar dawowa daga kasuwar Maigatari bayan magariba, suka karɓe babur da kuɗin sa. Bayan kwana uku 'yan sintiri suka kama wani yaro, aka kira yayana ƙofar gidan mai unguwa, yana ganinsa ya ce wallahi shi ne. Yanzu lauyan yaron na cewa ba a yi faretin tantancewa ba. Ni dai na ce gani ya kori ji, wanda aka yi wa abu ba ya manta fuska. Ko ba haka ba?

Dillali: Haka ne mana. Ni a kara nake kwana nake tashi. Ka saka min saniyata cikin dubu, daga nesa zan nuna maka ita. Balle mutumin da ya ɗora maka bindiga a ƙirji. Lauyoyi neman na abinci suke.

Tsohon sufeto: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar masa da alheri. Alhaji, saniyarka ka san ta ne, ka yi wata da watanni kana kallon ƙahonta. Kotu ma ta yarda da wannan: idan mai shaida ya san mutum tun da can, ya kuma faɗi sunansa tun rahoton farko, ba a bukatar fareti. Amma a ce wata baƙuwar saniya ta gilma ta gabanka da duhu, a guje, sai bayan kwana uku a ce ka fitar da ita cikin fararen shanu? Nan maganar take. Ɗana, yayanka ya san yaron kafin ranar?

Mai tambaya: Bai san shi ba, Baba. Daga wata ruga yake can gabas da mu.

Mai shayi: Ni fa faretin nan ban ga amfaninsa ba. A zaunar da mutane a ƙasa, a baje bindigogi gabansu, 'yan jarida na ɗaukar hoto. Shi ne zai dawo da babur?

Tsohon sufeto: Malam, wancan holin masu laifi ne, daban yake. Wanda ake nufi a cikin caji ofis ake yinsa. Ana samo mutum aƙalla takwas masu kama da wanda ake zargi a shekaru, tsawo, launin fata da sutura, a jera su tare da shi, shi zai zaɓi inda zai tsaya. Jami'in da ke binciken ƙarar ba shi ke gudanarwa ba, don kada ya yi wa mai shaida nuni ko da da ƙwayar ido. Mai shaida kuma bai kamata ya taɓa ganin wanda aka kama ba kafin lokacin. Idan masu shaida biyu ne, ɗai-ɗai ake shigo da su, ba sa haɗuwa su tattauna. Ya kamata kuma a gaya masa cewa mai yiwuwa mutumin ba ya cikin jerin, domin in ba a faɗa ba, zuciya sai ta ɗauki wanda ya fi kama a cikinsu kawai.

To dubi abin da ya faru da ku. An kira yayanka, ya tarar da yaro ɗaya tal a ɗaure, ƙila ma ya sha duka, jama'a na cewa ga ɓarawon. An riga an ba shi amsa kafin a yi masa tambaya. Kuma abin da ya fi damuna, ko gobe aka yi faretin, ya lalace. Zai nuna yaron, babu shakka, amma fuskar ƙofar gidan mai unguwa zai nuna. Shi kansa ba zai iya raba ta da ta kan hanya ba.

Mai tambaya: Baba, kana nufin ƙarya yake yi? Mutumin da ko bashin naira ɗari ba ya musu?

Tsohon sufeto: Subhanallahi, a'a. Da maƙaryaci ne ai da sauƙi, tambaya uku ta kayar da shi. Mai gaskiyar da ya yi kuskure shi ne ke sa alƙali ya gamsu, don rantsuwarsa har zuci take.

Ɗalibar shari'a: Baba ya tuna min da wata ƙara a Amurka. A 1984, a jihar North Carolina, wani ya shiga ɗakin wata ɗaliba, Jennifer Thompson, ya yi mata fyaɗe. Da gangan ta riƙa ƙare wa fuskarsa kallo don ta gane shi daga baya. Aka nuna mata hotuna ta zaɓi Ronald Cotton, aka jera mutane ta sake zaɓarsa, kuma shi kaɗai ne ya fito a duka biyun. Aka ce mata ai wanda kika nuna a hoto ne, sai tabbacinta ya ƙaru. Da aka sake shari'ar a 1987, an kawo ainihin mai laifin, Bobby Poole, gabanta, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai 1995 gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke Cotton, bayan ya haura shekara goma a kurkuku. A cikin ɗaruruwan mutanen da irin wannan gwaji ya wanke a ƙasar, kusan bakwai cikin goma kuskuren mai shaida na cikin abin da ya ɗaure su.

Dillali: 'Yata, wannan can ne. Mu nan muna da tsage. Kowa da zanen gidansu a fuska.

Ɗalibar shari'a: Alhaji, zanen gida ai na dangi ne gaba ɗaya. Ya rage yawan waɗanda za a zarga, amma a ruga guda samari nawa ne ke da iri ɗaya?

Hajiya: Ni wannan magana ta taɓa ni. Ɗan ƙanwata an taɓa yi masa lilis a kasuwa, wata mata ta ce shi ya fizge mata jaka. Jar hula ce kawai ta haɗa su. Lokacin yana gona da mahaifinsa, amma wa zai saurara? Har yau kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Kuma matar ba muguwa ba ce, kuka take da hawaye.

Tsohon sufeto: Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Ɗana, ga tambayoyin da alƙali zai auna, kotunanmu sun ɗauko su daga hukuncin Turnbull na Ingila. Tsawon wane lokaci ya kalle shi? Tazarar nawa? Wane haske? Akwai abin da ya kare fuskar? Sannan me ya faɗa wa 'yan sanda a karon farko, kafin ya ga kowa? Wannan ta ƙarshe ita ce ma'auni. Ka ƙara da cewa mutum in an nuna masa bindiga, idonsa kan bakin bindigar yake tsayawa, na sha ji daga bakin waɗanda aka yi wa fashi: su siffanta maka bindiga tsaf, fuska kuwa sai "dogo ne, baƙi". Kada ka manta fashi da makami hukuncinsa kisa ne.

Mai tambaya: Na kira shi yanzu. Ya ce sun haske masa ido da cocila, ɗaya ya naɗe fuska da rawani, ɗayan ne ya gani da fitilar babur, abin bai kai minti biyu ba. A daren ya ce wa 'yan sanda dogo ne siriri. Tsagen bai tuna ko ya ambata ba. Amma ya ce muryar ma ita ce.

Tsohon sufeto: Murya ta fi fuska saurin ruɗi. An sami babur ɗin a wajen yaron? Kuɗi? Wayar yayanka?

Mai tambaya: Ba a sami komai ba. Abin da ya sa aka kama shi, an ga ya sayi sabuwar waya ranar Asabar.

Dillali: To ina ya samu kuɗin? Ni dai har yanzu zuciyata ba ta wanke shi ba.

Tsohon sufeto: Ni ma ban wanke shi ba, Alhaji, mai yiwuwa shi ɗin ne. A tambayi mai shagon wayar, a tambayi ubansa ko an sayar da dabba a makon, a bi lambar injin babur ɗin wajen masu saye da sayarwa. Ɗana, ka ce wa yayanka ya nemi a karanta masa bayanin da ya bayar daren Alhamis, ya ji ko akwai tsage a ciki.

Mai tambaya: Gobe da safe zan raka shi in sha Allahu, takardar babur ɗin ma tana wajena.