Tambari ko alamar kasuwanci? Ku taya ni nemo Hausarta

Mai Humra, Jidda: Salamu alaikum. Abin da Larabawa ke ce wa alama tijariyya, me za mu kira shi da Hausa? Zan buga takardun manna wa kwalabe da sunan "Humra Mai Ƙamshi", ɗana ya ce in dakata sai an yi masa rajista.

Baba Tela: Tambari mana, 'yata. Kuma in kina da sijil ai an gama, sunan naki ne.

Tafinta, Riyad: Baba, a yi mini afuwa, sijil rajistar shago ce. Sunan da ke jikin kwalba a SAIP, hukumar kare mallakar fasaha ta Saudiyya, ake yi masa rajista, kariyarsa shekara 10 ce, sannan a sabunta. Tambari kuma zane yake kawo wa mutum a rai, alhali suna zalla ma yana shiga. Ni "alamar kasuwanci" na fi so.

Hajiya, matsalarki ta fi ta kalma. Sunan nan bayanin kayan ne kawai. Kowace mai humra tana da haƙƙin cewa tata mai ƙamshi ce, don haka ba za a mallaka miki shi ke kaɗai ba. Kada ki ce ai Hausa ce ba za su gane ba: ana neman fassarar kalmar da ba Larabci ba, humra kuwa ko 'yan Sudan haka suke kiranta. Ki nemi sunan da ba ruwansa da turare, kamar "Zabuwa". Ga mai sayar da kaji bayani ne, a jikin kwalbar humra kuwa suna ne da ke bambanta ki da saura.

Ɗan Makka: To ni kilishina yana da rajista tun daga Najeriya, na huta ke nan?

Tafinta: Ina! Rajista ba ta tsallake iyaka, yallaɓai. Sai ka sake a nan.

Hajiya, kafin ki ba mai ɗab'i ko riyal ɗaya, ki bincika rumbun SAIP. Kaya da hidimomi aji 45 ne, turare yana aji na 3, nan za ki fara. Ki rubuta sunan da boko, ki rubuta da Larabci ta kowace fuska: Zabuwa mai ƙarewa da alif, da mai ƙarewa da ta'un marbuɗa. Kamannin furuci kaɗai ya isa a ƙi ki. Ko an karɓa ma, ana wallafawa a ba mai ƙorafi kwana 60, saboda haka kada ki buga takardu da yawa tukuna.

Baba Tela: "Alamar kasuwanci" ta yi tsawo a baki. A kasuwa wa zai tsaya faɗinta? Ni dai "tambarin haja".

Mai Humra: Baba, haja ta bar masu gidan abinci da masu wanki a waje fa. Tafinta, in na haɗa "Zabuwa" da "humra" a suna ɗaya, zai wuce?