Ƙarfin jan igiya a ƙasa: 20 N nake samu, littafi ya ce 30 N

Salamu alaikum. Lissafin nan ya tsaya min. Ƙwallo mai nauyin 0.5 kg a igiya mai tsawon 0.8 m, ana wulwula ta sama da ƙasa, g = 10 m/s².

A can sama na ɗauki T = 0, sai v² = gr = 8, wato 2.83 m/s. Wannan ya dace da littafi.

A ƙasa ne matsalar. Da na sa wannan gudun cikin T = mg + mv²/r, 10 N ya fito. Na lura ƙwallo tana ƙara gudu in tana saukowa, sai na yi amfani da v² = 8 + 2gh, h = 0.8 m. Ya ba ni 24, T ya zama 20 N. Littafi kuwa 30 N, wato 6mg.

Don Allah, wane tsayi ya kamata in sa a h?