Mushe ya zalunce ni a kan quicksort

Isuhu: Jama'a ku yi mini alƙalanci. Na rubuta `quicksort`, na gwada da lambobi barkatai, lafiya lau. Mushe ya zuba mata lambobin ɗalibai 2000 da suke jere tun daga ƙarami zuwa babba, sai ga `RecursionError`, ya ba ni 6 bisa 20. Abin da aka riga aka jera, me ya sa za a ce in jera shi? Wannan zalunci ne.

Lawali: Zalunci babbar kalma ce, ƙanena. Malaminka ne fa.

Zali: To malami ba ya zalunci? Mu da muka yi karatu a Tawa mun ga wanda ya fi wannan.

Lawali: Ku ƴan Tawa kowane sifili zalunci ne wurinku.

Habsu: Ku dakata. Isuhu, turo wurin da kake raba jerin.

Isuhu: Ga shi, Yaya Habsu.

```
pivot = t[hi]
i = lo
for j in range(lo, hi):
    if t[j] <= pivot:
        t[i], t[j] = t[j], t[i]
        i += 1
t[i], t[hi] = t[hi], t[i]
```

Habsu: Rabon Lomuto ne, kuma daidai ka rubuta shi. Matsalar tana layin farko, inda kake ɗaukar na ƙarshe kullum. Ɗauki 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7. Na ƙarshe 7 ne, ka gwada shi da sauran shida, duka suka faɗa hagu, dama babu kowa. Ka yi gwaji 6, amma lamba ɗaya tak ka rage. Sai ka ɗauki 6, gwaji 5, haka har ƙasa: 6+5+4+3+2+1, wato 21. Da 4 ka fara ɗauka, gwaji 6 zai raba su uku da uku, kowane ɓangare ka ɗauki na tsakiyarsa da gwaji 2, jimla 10. A bakwai bambancin ba ya ba da tsoro. A 2000 naka, `n(n-1)/2` ya ba da gwaji 1,999,000, alhali rabo biyu daidai ba zai kai 22,000 ba. Kuma kowane zagaye kira ne cikin kira, zurfinsa ya doshi 2000, Python kuwa a 1000 take tsayawa in ba a taɓa ta ba.

Sulai: Sauƙi ne ai. Ya sa `sys.setrecursionlimit(5000)`, an gama.

Habsu: Kuskuren zai ɓace daga allo, jinkirin yana nan. Ya gwada jerarrun lambobi 2000, sannan 4000. In lokacin ya ninka huɗu maimakon biyu da ɗan ƙari, cutar ba ta warke ba.

Zali: Shi ya sa na ce tarko aka ɗana masa. Wa ke jera jerarren abu a wurin aiki?

Habsu: Kowa. Rajistar da aka jera jiya, yau aka ƙara mutum goma a ƙasa, kusan jerarriya ce, kuma kusan haka za ta wahalar da shi.

Lawali: Da C ya rubuta da duk wannan bai faru ba. Python ta yara ce.

Sulai: Kai da ka kwana uku kana neman `;` guda?

Lawali: Ƙarya kake, kuma ba da kai nake ba.

Isuhu: To in ɗauki na farko?

Sulai: A'a, duk ɗaya ne, sai dai hagu ta zama fanko maimakon dama. Ka zaɓa da ka, da `random.randint(lo, hi)`, ka musanya shi da na ƙarshe. Daga nan babu jerin da zai ƙara kayar da kai.

Rabi: Babu? Ni na yi haka da makin jarrabawa, daga 0 zuwa 20, layi dubbai, kuma ta yi ta jan ƙafa.

Habsu: Taki daban ce, Rabi. Makinki iri 21 ne kawai, suna ta maimaituwa. In ɓangare ya zama duka 12 ne, ko wanne kika zaɓa 12 ne, kuma `<=` zai tura su gefe guda. Sai kin raba uku: ƙanana, masu daidai da `pivot`, manya, ki bar na tsakiya ba ki sake taɓa su ba. Shi Isuhu zaɓen Sulai ya ishe shi, ko ya dubi na farko da na tsakiya da na ƙarshe ya ɗauki matsakaicinsu.

Zali: Duk wannan mushe ya koya musu kafin ya yanke maki? In bai koya ba, zalunci ne, ko Lawali ya so ko ya ƙi.

Isuhu: Ya taɓa faɗin wani abu a kai, ranar ana ruwa.

Lawali: Bari in taƙaita wa waɗanda suka shigo yanzu. An tabbatar mushe yana da gaskiya, babu zalunci, Python ce ta kasa, kuma ƴan Tawa sun sha kaye.

Habsu: Ban ce Python ta kasa ba. A C ma gwajin 1,999,000 ne.

Zali: Kuma 6 ɗin ba a gama maganarta ba.