Tunatarwa nawa ta isa kafin ranar ganin likita, kuma yaushe ake tura ta?

Mai teburin karɓar baƙi, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori. Kujera ɗaya muke da ita, kowane majinyaci ana ware masa minti 40, don haka idan mutum bai zo ba likita zama yake yi har lokacin na gaba. Yanzu saƙo huɗu nake tura wa kowa: saura mako, saura kwana uku, ana gobe, sai kuma da safiyar ranar. Duk da haka kujerar takan zauna ba kowa, har wani dattijo ya kira ya ce mun dame shi kamar masu bin bashi. Masu irin wannan aiki, sau nawa kuke tunatarwa, kuma tazarar nawa kuke bari tsakani?

Mai shagon tura saƙonni, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da nake saita wa masu zuwa wurina biyu ne, saura awa 24 da saura awa 2. Na saura mako ɓarnar kuɗi ce, kafin ranar mutum ya manta. Kuma ki duba ko saƙonninki suna isa ma. Tun 2016 da aka kawo lambar 2442, duk wanda ya tura STOP ya toshe saƙonnin talla, kuma idan ta hanyar talla kike turawa, naki ma yana cikin waɗanda za a tare. Ki buɗe rahoton isarwa ki gani. Wani abu kuma, saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da kin sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, a caje ki kuɗin saƙo biyu ko uku.

Tsohon ma'aikacin ɗakin kati, Runjin Sambo:
Maganar rahoton isarwa gaskiya ce, ɗana, ta fara da ita. Amma awa 24 da awa 2 maganin mantuwa kawai suke yi, kuma a shekarun da na yi ina riƙe da rajista, mantuwa ba ita kaɗai ke hana mutane zuwa ba. Wani bai haɗa kuɗin mota da na aiki ba. Wata ba ta sami mai raka ta ba. Wani ciwon ya lafa ya ga ba sai ya zo ba. Duk waɗannan tun kwanaki kafin ranar suka san ba za su zo ba, kunya ce ko rashin hanya ta hana su faɗa.

Shi ya sa, 'yata, kada ki fara da tambayar saƙo nawa. Ki tambayi kanki aikin me kowane saƙo zai yi. Ni aiki biyu na sani. Na farko shi ne ya ba mutum lokacin shiri, ya kuma ba ki lokacin sa wani a gurbinsa idan ya ce ba zai samu ba. Na biyu shi ne ya hana mantuwa. Saƙonki huɗu, idan duk magana ɗaya suke maimaitawa, aiki na biyu kawai suke yi har sau huɗu.

Bari mu ɗauki mutum ɗaya. An cire masa haƙori, aka ce ya dawo bayan mako huɗu, ranar Talata ƙarfe 10 na safe. Ranar da aka ba shi lokacin, ki rubuta masa a kati, ki karanta masa lambarsa ya tabbatar. Wannan ba ya cikin lissafin tunatarwa. Daga nan ki ƙyale shi sai Asabar da safe, saura kwana uku, ki tura na farko, kuma ya zama tambaya ce mai neman amsa:

"Salam. Kuna da ganin likitan hakori ranar Talata karfe 10 na safe. Za ku samu zuwa? Ku amsa EH ko A'A. In ba hali za mu canza muku rana, ba komai."

Kin ga na cire masu lanƙwasa saboda abin da yaron nan ya faɗa. Kalmar "ba komai" kuwa kada ki cire ta, ita ke sa mai jin nauyi ya amsa.

Yana da Asabar da Lahadi ya amsa. Litinin da safe ki duba. Wanda ya ce a'a, ki ba shi wata rana, ki kira wani daga cikin masu jira ki ba shi gurbin, kina da yini guda cur na yin haka. Wanda ya ce eh, saƙo ɗaya gajere ya rage masa, Litinin da yamma. Wanda ya yi shiru shi ne aikinki, kuma shi ba saƙo na biyu yake buƙata ba, kira yake buƙata. Mai yiwuwa bai iya karatun boko ba, ko wayar ba a hannunsa take ba. A ce mutum goma kike da su ranar Talata, bakwai suka amsa, to kira uku ne kawai a gabanki.

Abin da ya sa na ce kwana uku: in kin tura saura awa 24 ya ce ba zai zo ba, da wuya ki sami wanda zai iya shiryawa cikin dare ɗaya. In kin tura saura mako, kowa eh zai ce, don bai san abin da makon zai zo da shi ba.

Mai teburin karɓar baƙi, Mabera:
Na gode Baba. To wanda ya zo yau aka ce ya dawo jibi fa? Kuma masu ranar Litinin, tunda ba ma buɗewa Lahadi?

Tsohon ma'aikacin ɗakin kati, Runjin Sambo:
Yawan saƙo yana bin nisan ranar da aka ba mutum. Mai dawowa jibi, ɗaya ya isa, ana gobe da yamma. Wanda aka ba shi ƙasa da mako, shi ma ɗaya, amma ki tura da safe ana gobe, da tambayar eh ko a'a. Mai makonni, biyu kamar yadda na faɗa. Wanda aka ce ya dawo bayan wata uku ko shida, ki ƙara na uku saura kamar kwana goma, don irinsa kan ɓatar da katin, ya canza layi, ko ya yi tafiya. Masu Litinin kuwa ki ja komai baya: saƙon farko Alhamis, kiran masu shiru Asabar kafin ku tashi. Ki ƙirga da ranakun da kike bakin aiki, don amsar da ta shigo ranar da ba kowa a tebur ba ta da amfani.

Tela, Tsohuwar Kasuwa:
Ni dai a ganina duk wannan wahala ce. Ku karɓi rabin kuɗi tun farko. Wanda ya ba ni kafin alƙalami bai taɓa barin ɗinkinsa ba, shi ke bina ma.

Mai teburin karɓar baƙi, Mabera:
Malam, likita ya ƙi wannan, ya ce mai ciwo ba a tsare shi da kuɗin gaba. Kan tunatarwa nake tambaya.

Majinyaci daga Illela:
Bari ku ji daga bakin wanda aka tura ma saƙon. Hawan jini gare ni, duk wata nika shigowa Sakkwato. In anka ce ƙarfe 10, to da an gama sallar asuba ina tasha, don sai mota ta cika taka tashi. Saƙon saura awa 2 kan hanya shika iske ni, in kuwa na manta, ko na gan shi ba ni iya isowa. Wanda ka yi min amfani shi na na kwana uku. Kuma Lahadi kasuwarmu ta, ranar nika samun kuɗin mota, ranar kuma ba ni duba waya sai dare. Don Allah ku bar rubuta "gobe". An taɓa turo min haka wayata ba caji, sai washegari da rana na kunna, na ɗauka goben ba ta zo ba, ashe ranar ta wuce. Ku sa sunan rana.

Ma'aikaciyar awo da rigakafi, Arkilla:
Namu ya ɗan bambanta, don ba awa muke ba mutum ba, rana ce. Rigakafin jarirai mako 6 ne, 10, 14, sai wata 9. Tsakanin ukun farko mako huɗu-huɗu ne, uwa tana riƙe da lissafin, tunatarwa ɗaya saura kwana biyu takan wadatar. Inda ake ɓacewa shi ne daga mako 14 zuwa wata 9, wajen wata shida ba a ga juna ba. Nan nake yin biyu, saura mako da kuma ana gobe.

Abin da nake so in ƙara kan maganar Baba shi ne wayar wa ake kira. Da yawa lambar maigida ce a kati. In na tura da safe, yana kasuwa ko gona, kafin ya dawo saƙon ya nutse. In na tura bayan magariba yana gida, nan take zai faɗa mata, a yi maganar izini da kuɗin keke. Kuma ba na rubuta abin da ya kawo ta asibiti, rana da wuri kawai, don ban san wanda zai karanta ba. Masu WhatsApp nakan yi musu saƙon murya gajere. In na ga alama ɗaya ce har washegari, na san bai shiga ba, sai in kira.

Mai shagon tura saƙonni, Gawon Nama:
Na karɓi maganar kwana uku. Amma ban yarda a jefar da na safiyar ranar ba. Ma'aikaci ko ɗalibi da ke cikin gari, wanda aka ba ƙarfe 3 na rana, ya ga saƙo jiya da dare, yau aiki ya sha kansa. Shi wannan na awa 2 ne ke ɗago shi.

Tsohon ma'aikacin ɗakin kati, Runjin Sambo:
Ga na cikin gari mai lokacin yamma, ba zan yi musu ba, sai dai ya maye gurbin na daren jiya, kada ya zama na uku. Rajista ce za ta raba mu. 'Yata, ki ja layi uku a littafinki: ya zo, ya sanar da wuri, bai zo ba bai sanar ba. Kada ki haɗa na biyu da na uku. In tsarin yana aiki, abin da za ki fara gani shi ne masu cewa a canza musu rana sun ƙaru, kada wannan ya tsorata ki, su ne da can suke ɓacewa shiru. Ki gwada mako ɗaya da na safiya, mako ɗaya babu, kina juyawa har wata biyu. Kada ki kwatanta watan azumi ko makon sallah da sauran watanni, haka lokacin shuka ga mutanen ƙauye.

Mai teburin karɓar baƙi, Mabera:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da masu ranar Talata mai zuwa. Saura abu ɗaya: wanda na kira Litinin sau biyu bai ɗaga ba, in ba wani gurbinsa ko in bar masa?

Ma'aikaciyar awo da rigakafi, Arkilla:
Ni ba zan bayar ba, musamman in na nesa ne. Wayarsa na iya zama a kashe shi kuwa yana hanya.

Tsohon ma'aikacin ɗakin kati, Runjin Sambo:
Ni kuma sai in duba katinsa. In ya saba zuwa, a bar masa. In ya taɓa ɓacewa sau biyu, ki sa wani na kusa ya zo a lokacin, amma ki faɗa masa gaskiya cewa zai iya jira minti 40. Wannan kam ki kai wa likita ya yanke.