Ana neman Hausar maɓallan nan uku kafin Asabar

Hadiza: Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar zan koyar da ɗalibaina yadda ake shigar da aikin reshe cikin `main` a GitHub, da Hausa kuma zan yi darasin. Na maƙale a kan zaɓi ukun nan na koren maɓalli: `Create a merge commit`, `Squash and merge` da `Rebase and merge`. Na farko na sa masa haɗewa. Sauran biyun sun gagare ni. Misalin da zan nuna musu reshe ne mai komit huɗu, alhali `main` ya ƙaru da komit biyu tun bayan da aka yanki reshen.

Kabiru: Wa alaikumus salam. Na biyu matsewa, na uku sauya tushe. An gama. Ai biyun ma kusan abu ɗaya ne, duk miƙar da tarihi suke yi ya zama layi ɗaya.

Bashir: Layi ɗaya kam gaskiya ne Kabiru, amma abin da ke kan layin ya bambanta. Mu ɗauki misalin Malama Hadiza. In ta danna na farko, `main` zai ƙaru da komit biyar: huɗun nan yadda suke da lambobinsu na asali, sai na biyar mai iyaye biyu wanda ya ɗaure su. In ta danna na biyu, komit ɗaya tak zai shiga, sabo fil, ya ƙunshi aikin huɗun duka, mahaifinsa ɗaya. In na uku ne, huɗu za su shiga, a jera su bayan biyun nan na `main`, kowanne da sabuwar lamba. Shi ya sa matsewa ba ta kwanta mini ba. In ka matse lemo ruwa kake ɗauka ka zubar da saura, nan kuwa ko layi ɗaya na aikin ba ya raguwa. Abin da ya ɓace shi ne iyakar da ke tsakanin komit da komit. Ni dunƙulewa nake cewa. Na farko kuma na fi son mahaɗa, kamar Lokoja: kana tsaye kana ganin ta inda Neja ta zo da ta inda Binuwai ta zo.

Malam Garba: Kun fara gini ba ku haƙa tushe ba. Mene ne "komit"? Hausa ce? Kuna neman sunan jika, uba ba shi da suna. Sannan dunƙulewa ta hannu ce, ta mai shirin naushi. Kalmar da ta dace ita ce curi. Mai fura tana tara gari ta cura shi ya zama ƙwallo ɗaya, ba mai iya ware shi kuma. Na daɗe ina faɗin haka ba a saurara.

Hadiza: Allah gafarta Malam, curi ya yi daɗin ji, amma ina tsoron aji ya koma hirar nono da sukari.

Malam Garba: To su yi dariyar. Bature da ya ɗauko sunan daga murƙushe abu, wa ya yi masa dariya? Mu ne kullum muke jin kunyar kayan gidanmu.

Ummi: Ni dai ko me za ku kira shi, ku gargaɗi ɗaliban. Wata biyu da suka wuce aka shigar da reshena ta na biyun nan, ni kuma na ci gaba da aiki a kan reshen ban yanki sabo ba. Da na sake buɗe buƙatar shigar da reshen, wato `pull request`, sai ga tsofaffin komit ɗina duka sun dawo cikin jerin, ga karo a fayil ɗin da na riga na warware. Yini guda na yi ina zaton na lalata wani abu.

Bashir: Ba ki lalata komai ba, ƙanwata. Dunƙulen da ya shiga `main` ba shi da wata dangantaka da komit ɗinki na asali, don haka a wurin Git ba a taɓa shigar da su ba. Ga yadda za ki gane:

```
git branch --merged main
```

Reshen da aka shigar ta mahaɗa zai fito a jerin, wanda aka dunƙule ba zai fito ba. Magani shi ne da zarar an dunƙule, a goge reshen a yanki sabo daga `main`. Malama, wannan ya fi sunan muhimmanci a darasinki.

Abdu na Maraɗi: Na uku fa kun bar shi. Mu nan da Faransanci aka koya mana, amma in zan faɗa wa ƙanena sai in ce dashe. Kamar albasa: ka cire ta daga wurin reno ka dasa ta a fadama, ɗaya bayan ɗaya, a layi.

Kabiru: Dashe kuma? Abin kwamfuta ne fa, ba noman rani ba. Sauya tushe shi ne daidai da abin da kalmar take nufi. Ku mutanen ƙetaren iyaka komai sai kun kai shi gona.

Abdu na Maraɗi: Ku kuma Kanawa sai ku ɗauko Turanci ku sa masa hula ku ce Hausa ce. Ka je Kurmi ka ce "sauya tushe" ka ga wanda zai gane.

Malam Garba: Yaron Maraɗi ya fi ku gaskiya, ko da yake ni da kafe na so. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini zancen komit.

Bashir: Dashe ya yi, sai dai akwai inda ya gaza, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibai. Albasar da ka dasa ita ce dai wadda ka cire. A nan kuwa ba a cire komai, kwafi ake yi. Lambar komit tana fitowa ne daga abin da ke cikinsa har da lambar mahaifinsa, to da mahaifi ya canza dole lamba ta canza. Tsofaffin suna nan a reshen da ke kwamfutarka, kuma duk wanda ya yi gini a kansu zai gamu da irin abin da Ummi ta gani.

Wani abu kuma, ranar da aiki ya ɓaci ake gane bambancinsu. Dunƙule komit ɗaya ne, `git revert` sau ɗaya ya janye shi. Mahaɗa ma sau ɗaya ne, amma sai ka faɗi wane mahaifi ne babbar hanya:

```
git revert -m 1 <lamba>
```

Dashe kuwa huɗun nan sai ka nemo su da kanka, don ba alamar inda suka fara da inda suka ƙare. Ta ɗaya gefen, in kana farautar kuskure da `git bisect`, dashe zai kai ka kan ƙaramin komit ɗin da ya jawo shi, dunƙule kuwa sai ya miƙo maka aikin mako guda ya ce yana ciki. Amma wannan ribar sai in kowane komit yana aiki shi kaɗai. In irin na ɗalibai ne, "gyara", "gyara kuma", "yanzu ya yi", dunƙulewa rufin asiri ce.

Kabiru: Ni abin da ya sa na tsani na farko, tarihi yakan koma kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

Bashir: Gwada `git log --first-parent` ka gani, babbar hanya kaɗai zai nuna maka.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Zan rubuta mahaɗa, dunƙulewa da dashe, kowanne kusa da hoton maɓallinsa, tunda abin da za su gani a allo ke nan. Zan kuma ƙara bayanin kwafi. Komit zan bar shi komit a wannan karon, Malam a yi mini afuwa.

Kabiru: Ni a nawa ajin sauya tushe zan ci gaba da cewa.

Malam Garba: Dashe na yarda. Dunƙulewa ban yarda ba, amma darasinki ne. Ki dai ambaci curi ko sau ɗaya, ki ga wanne yaran za su riƙe.