An ce ICSI za a yi mana maimakon IVF: wa ya taɓa bi ta nan?

Bilkisu: Assalamu alaikum. Gwajin maigidana ya nuna ƙwayoyin maniyyi miliyan 2 a kowace mililita, kuma yawancinsu ba sa motsi. Likita ya ce IVF zalla, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa, ba zai yi mana ba, sai ICSI, wato a saka ƙwayar maniyyi cikin ƙwan da allura, kuɗin kuma ya ƙaru. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Abu Hanif: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ni nawa gwajin babu ƙwaya ko ɗaya, alhali maniyyin yana fita kamar na kowa. Ciwon sanyi da na yi tun ina saurayi ne ya toshe hanyar, maraina kuwa suna aikinsu. Aka kashe wurin da allura, aka zuƙo ƙwayoyin daga ciki. Kaɗan aka samu, amma sun isa. Matata dai ta sha allurai da cire ƙwai daidai da mai yin IVF, babu abin da aka rage mata. A zagaye na biyu Allah Ya ba mu 'ya mace.

Hajiya Talatu: Ki ce ya fara allurar testosteron 'yata, ƙanena ya yi, ƙarfinsa ya dawo.

Sani Mai Gwaji: Hajiya a yi haƙuri, wannan allurar tana ƙara sha'awa, amma tana tsayar da samar da ƙwayoyin. Malama Bilkisu, a ɗakin gwaji nake aiki. A IVF muna zuba dubban ƙwayoyi kusa da ƙwan mace, mu bar guda ta huda shi da kanta. Idan sun yi ƙaranci, ko ba sa iyo, ko surarsu ta lalace, da safe sai mu tarar babu ƙwan da ya haɗu. A ICSI ni nake zaɓar ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, in tsayar da wutsiyarta, in shigar da ita cikin ƙwan da ya nuna da siririyar allurar gilashi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya fara daga miliyan 16 a kowace mililita, kin ga miliyan 2 ya yi nisa. Amma sau nawa aka gwada shi? Zazzaɓi mai zafi kan rage adadin, a maimaita bayan wata 3. Ku kuma nemi gwajin ƙwayar halitta ta Y, domin idan a nan matsalar take, ɗa namiji zai gaje ta.

Maman Sadiq: Ni mijina lafiyarsa ƙalau, bututuna ne suka toshe, amma an yi mana ICSI, aka ce ya fi tabbas. Ƙwai 9 aka cire, 6 suka haɗu, cikin bai zauna ba.

Sani Mai Gwaji: Allah Ya kawo mai albarka. Idan maniyyi lafiyayye ne, bincike bai nuna ICSI ya fi kawo haihuwa ba. Haɗuwar kawai yake taimakawa, ingancin ƙwai da shekarun mace suna nan yadda suke.

Bilkisu: Sau ɗaya aka gwada shi, kuma a watan ya yi maleriya. Idan aka maimaita ya hau miliyan 8, har yanzu ICSI ne?

Sani Mai Gwaji: Sai an ga nawa ne masu iyo bayan an wanke maniyyin. Wasu asibitocin kan kasa ƙwan da aka cire kashi biyu, rabi IVF rabi ICSI. Ki tambayi likitanku ko suna yin haka.